Moto na ƙone koyil: karanta farantin jikinsa kafin ka biya

*Malam, ina da injin casar shinkafa a Kura. Sau biyu ke nan a kakar bana motona mai doki 10 yana ƙone koyil. Wanda ya sayar mini ya ce tunda an rubuta SF 1.15 a jikinsa, zai iya jan kayan da ya fi ƙarfinsa. Kuɗin naɗi ya ishe ni.*

Malam, mai sayarwa rabin gaskiya ya faɗa maka. SF 1.15 na nufin moton doki 10 zai iya jure aikin doki 11 da rabi. Amma wannan rara ce ta ɗan lokaci, kamar sa'ad da injin ya haɗiyi shinkafa da yawa, kuma da sharaɗi: wuta ta cika yadda aka rubuta a farantin, zafin wurin bai wuce digiri 40 ba. Yanzu ka duba shagonka. Rufin kwano ne, a watan Afrilu, ga wutar da ba ta cika zuwa da ƙarfinta ba. Ina sharaɗin yake?

Na gaji da maimaita wannan magana: zafi ne ke kashe moto, kuma shi ya sa nake so ka nemi layin da aka rubuta INS CL ko Ins. Cl. Harafin da ke gabansa yana faɗin iyakar zafin da fentin da ya rufe wayar koyil zai jure. B digiri 130 ne, F 155, H 180. Kada ka ga 155 ka ce ai da sauran nisa. A cikin lissafin an riga an cire 40 na iskar ɗaki, an ba moton 105 na zafin da zai haifar da kansa, aka bar 10 saboda lungun koyil da ya fi ko'ina zafi. To idan ɗakinka ya kai 48, ka ci digiri 8 tun ba ka kunna ba. Ka ƙara kaya, wuta ta yi ƙasa, moton ya ƙara zuƙar amfiya, ga ƙaiƙayi ya toshe murfin fanka. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan iyaka yana raba tsawon ran fentin gida biyu. Ba a ranar zai ƙone ba. Fentin zai yi ta bushewa yana tsagewa, sai wata rana ka ji ƙauri.

Ga abin yi. A farantin akwai lamba mai harafin A, wato amfiyar da moton zai ja in ya ɗauki cikakken kaya, ga moto irin naka mai layi uku wajen 15 za ka gani. Ka kira mai gyaran wuta ya maƙala mitarsa a kowace waya yayin da injin ke tsakiyar casa. In awon yana zaune sama da lambar farantin, moton ya yi wa aikin kaɗan, ko ka rage abin da kake ɗura wa injin, ko ka koma mai doki 15. Ka sa masa na'urar da ke yanke wuta in kaya ya yi yawa, a saita ta daidai da lambar farantin, kada a ɗaga ta don tana yawan yankewa. Kullum ka kaɗe ƙurar jikinsa. In kuma sabo za ka saya, kada ka karɓi ƙasa da F. Moton da ba a rubuta masa SF ba, ɗauke shi a 1.0, ba shi da rara ko kaɗan.

*An yi mini tayin moto na hannu, ɗan Amurka, an rubuta 460V 60Hz 1750 RPM. In saya don famfon ban ruwa?*

Wutarmu 50Hz ce, don haka gudunsa zai sauko zuwa wajen 1450, doki 10 ya koma takwas da ɗoriya, ruwan famfon ya ragu, rarar SF ɗin kuma ka manta da ita.

*Mai IE3 ya fi mai IE1 tsada. Ko ya cancanci ƙarin kuɗin?*

Ya danganta da awannin aikinka. A moto mai 7.5 kW, wato doki 10, mai gudun 1450, IE1 na mayar da kashi 86 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa aiki, IE3 kuwa kashi 90.4. Wato na farko yana shan kilowat 8.7, na biyu 8.3. In kana ban ruwa awa 10 kullum na kwana 120, bambancin ya kai yunit 500. Ninka da kuɗin yunit ɗinka, in kuma janareta kake kunnawa, tazarar ta fi haka a aljihu. Wutar da ba ta zama aiki ba zafi take komawa, saboda haka IE3 ya fi zama da sanyi. Mai kunna moto sau ɗaya a mako, ya bar kuɗinsa.

*Farantin ya goge, amma mai shi ya rantse doki 10 ne.*

Kada ka saya.