Amsa ga mai tambaya kan cike gurbi

"Jama'a, a taimaka mini. A tambayoyin cike gurbi na jarrabawar Hausa sai in ga zaɓi biyu duk sun dace, in zaɓi ɗaya, a ce ba shi ba ne. Yaya ake gane na daidai?"

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin ciwon da ke damunka shi ne ya kwantar da ni a shekarar da nake shirin JAMB. Malamin da ke koya mana a wajen darasin yamma ya dage a kan cewa duk kalmar da ta fara zuwa wa Bahaushe a rai ita ce amsa, don haka kada mu ɓata lokaci muna karanta gaba. Na ɗauki maganarsa da gaske. Da aka yi jarrabawar gwaji na ci uku cikin gurabe goma, kuma shi wannan malamin ya ɗaga takardata a gaban aji, ya karanta makin da ƙarfi, ya ce a zo a ga Bahaushen da Hausa ta kayar. An yi dariya har da 'yan mata, ni kuwa na kasa ɗaga kai har aka tashi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai taɓa nuna mini inda kuskuren yake ba, alhali hanyarsa na bi.

Ga gurbin da ya fara kayar da ni, har yau ban manta shi ba: "Da Tanko ya isa kasuwa, sai ya ______ akuyar." Zaɓin su ne saya, sayi, sayar, da kuma sayar da. Nahawu kaɗai ya isa ya fitar da biyu. Ba a cewa "ya saya akuya", domin wannan aikatau yakan koma "sayi" idan suna ya biyo bayansa, kamar yadda yake komawa "saye" a gaban wakilin suna, a ce "ya saye ta". Ita kuma "sayar" a daidaitacciyar Hausa sai da "da" take ɗaukar abin da aka sayar. Saura "sayi" da "sayar da", kuma dukansu Hausa ce lafiyayya, wato daidai inda kake tsayawa ke nan. Ni na zaɓi "sayi" na wuce. Ashe jumlar da ke biye cewa ta yi: "Kuɗin da aka ba shi ya sa a aljihu, ya kama hanyar gida." Wanda aka ba kuɗi ai shi ne mai sayarwa. Wannan kuskure ɗaya ya ja mini wasu biyu, domin na ci gaba da karanta labarin a matsayin Tanko mai saye ne, sai na ƙi zaɓar "riba" a inda take.

Tun daga ranar nakan karanta labarin gaba ɗaya tukuna, ina tsallake guraben, kafin in kalli zaɓi ko ɗaya. Idan gurbin na mahaɗi ne, irin su amma, saboda, don haka, to kada ka taɓa shi sai ka tantance ko abin da ke gaba yana saɓa wa na baya, ko dalilinsa ne, ko sakamakonsa.

Kuma ka yi hattara da kunnenka. Ni a Bauchi na tashi, inda ba mu cika raba namiji da tamata a magana ba, sai mu ce "mota ya zo", kuma a kunnena babu abin da ya fi haka daidai. Jarrabawa kuwa daidaitacciyar Hausa take nema. Abin da ya cece ni shi ne duba ƙarshen sunan: idan na ga "motar" ko "akuyar" na san "ta" da "wadda" za su biyo, idan na ga "dokin" sai "ya" da "wanda". Haka nan bayan "da" irin ta "yaran da", ko bayan tambaya kamar "su wa", "suka" ake sawa, ba "sun" ba.

Idan jumla guda aka ba ka babu ta gaba, alamar tana cikinta, galibi a rabin da ke bayan waƙafi. Turo mana tambayoyi biyu daga cikin waɗanda suka kayar da kai, tare da jumlolin da ke biye da su, mu warware su tare.