Rabon kuɗin wuta da ruwa a gidan haya

"Gidanmu a Garwa mita ɗaya ce, kullum rigima. Ya za mu raba kuɗin?"

Ɗan'uwa, kada ku haɗa lissafin biyu. Ruwa ƙidayar kai ake yi, har da yara, domin wanka da wanki ke cinye shi.

Wuta kuwa kayan ɗaki ake dubawa, musamman lokacin zafi. Ku ba ɗaki mai ƙwan fitila da fanka kaso ɗaya, mai firji uku, tunda ba a kashe firji. In takardar ta zo sefa 20,000, ɗakuna biyu masu firji, huɗu babu, kaso goma ke nan. Mai firji ya biya 6,000, sauran 2,000 kowanne. Amma in akwai mai sayar da ƙanƙara, gaskiya a sa masa ƙaramar mita tasa.