Alfa ta yi kyau, sai me?

"Malam, na fassara gwajin PHQ-9, mai tambayoyi tara na auna ciwon damuwa, zuwa Hausa, na ba mutane suka cika, kwamfuta ta ba ni alfa 0.86. Ke nan gwajin ya inganta? Kuma me ya sa kuka ce in sake ba su karo na biyu?"

Bai inganta ba tukuna, ɗana. Abin da 0.86 ta gaya maka shi ne tambayoyin nan tara suna tafiya tare: wanda ya amsa da maki mai yawa a ɗaya, yakan yi haka a sauran. Wannan ɓangare ne na tabbatuwar ma'auni. Inganci kuwa shi ne ko ciwon damuwa kake aunawa da gaske. Mudun da aka bubbuge gindinsa kullum awo ɗaya yake bayarwa, kuma kullum tauyayye.

Bari ka ga inda lambar ta fito. Lee Cronbach ne ya fitar da tsarin a 1951:

```
α = (k / (k − 1)) × (1 − Σσi² / σt²)
```

Harafin k yawan tambayoyi ne. Za ka auna warwatsuwar makin kowace tambaya ita kaɗai da `VAR.S` a Excel, ka tara su duka, sannan ka auna warwatsuwar jimillar makin mutane. A ce na tambayoyi tara sun taru sun ba da 7.2, na jimilla kuma 30. Raba 7.2 da 30, ka sami 0.24. Cire shi daga 1, saura 0.76. Ninka da tara bisa takwas, ga 0.855, wato alfarka. Idan tambayoyin ba ruwansu da juna, warwatsuwar jimilla ba za ta wuce 7.2 da yawa ba, alfa kuma ta sauko kusa da sifili.

An saba cewa 0.70 ya wadatar wa bincike, amma kar lambar ta ruɗe ka, domin yawan tambayoyi kaɗai na kumbura ta. Tambayoyi biyar masu alaƙar 0.3 a tsakaninsu suna ba da 0.68, ka mai da su ashirin ba tare da ka gyara komai ba, sai ta kai kusan 0.90. Ni in na ga ta wuce 0.95, zargina shi ne tambaya ɗaya ce aka yi ta sake wa riga.

Karo na biyu kuwa, alfa ba ta san komai game da lokaci ba, zama ɗaya ta gani. Shi ya sa ake ba mutanen nan dai gwajin sau biyu, a duba alaƙar Pearson, wato lambar da ke nuna yadda makin karo na farko da na biyu suke tafiya tare. Ɗauki mutum biyar don misali kawai, aikin gaske na son fiye da haka nesa ba kusa ba. Karon farko sun sami 2, 4, 6, 8, 10. Na biyu 3, 4, 7, 7, 9. Matsakaicin kowanne 6 ne. Cire 6 daga kowane maki, ka ninka ragowar mutum ta farko da ta biyu: 12, 4, 0, 2, 12, jimilla 30. Ninka kowace ragowa da kanta ka tara, na farko 40, na biyu 24. Tushen 40 sau 24 kusan 31 ne, 30 bisa 31 kuwa 0.97. `CORREL` zai yi maka wannan nan take.

Tarko biyu ne a nan. In kowa ya ƙaru da maki biyar daidai, Pearson zai nuna 1 cif, don jerin mutane yake kallo. Saboda haka kwatanta matsakaitan biyu da kanka. Sai tazara. In ta yi gajarta, mutane za su tuna amsarsu. In ta yi tsawo, halin nasu ne ya sauya. PHQ-9 makonni biyun da suka wuce yake tambaya, don haka kwana biyu zuwa mako ya ishe ka. Wata uku ɓata aiki ne.

Yanzu koma kan inganci, nan wahalar take. A cikin taran akwai tambayar barci, ta gajiya da ta cin abinci. Mai zazzaɓin cizon sauro, mai juna biyu, ko mai azumi a tsakiyar zafi zai iya tara maki a nan alhali zuciyarsa lafiya lau, alfa kuma ba za ta ce uffan ba. Ka zauna da mutum goma, kowa ya faɗa maka da bakinsa me ya fahimta da kowace tambaya. Sannan likitan ƙwaƙwalwa ya tattauna da wasunsu ba tare da ya ga makinsu ba, ka duba ko waɗanda suka kai 10, iyakar da aka saba amfani da ita, su ne ya ce suna da ciwon. Kawo min wannan teburin tare da makin karo na biyu, sai mu zauna a kai.