Ƙurjin gefen hanci da ba ya warkewa

Tambaya: Ƙanena zabiya ne. Wata takwas ke nan da wani ɗan ƙurji mai sheƙi a gefen hancinsa. Ya kan yi jini, ya yi ɓawo, ya sake fashewa. Mene ne wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ƙara jira, ka kai shi wurin likitan fata. Alamun nan sun yi kama da sankarar fata mai tasowa daga ƙasan fatar sama, wadda yawan zafin rana ke haddasawa, kuma zabiya sun fi shiga haɗarinta. Ka duba a haske: bakinta a tashe yake, yana ƙyalli kamar lu'ulu'u, da siraran jijiyoyin jini a kai, tsakiya kuwa ta lotsa.

Da wuya ta bazu cikin jiki, amma a hankali take cin wurin, har ta kai guringuntsin hanci. Ɓawon nan shi ke yaudarar mutane, a zaci an warke. Ciwon da ya wuce mako 4 bai rufe ba, a gutsuri kaɗan a auna. In ta tabbata, ana yanke ta tare da kamar milimita 4 na lafiyayyar fata a kewaye, domin saiwar da aka bari ita ke dawowa. Don Allah kada a ƙona wurin ko a matse.