Sibi Mai Shafi Ɗaya: Layi Huɗu Sun Tsallaka

"Yaya, na gama bautar ƙasa. Layi huɗu na sibina, wato takardar bayanin karatuna da ƙwarewata ta neman aiki, sun faɗa shafi na biyu, mai shagon kwamfuta ya ce a ƙanƙance rubutun zuwa 9. Ran Litinin za a rufe karɓa, hankalina ya tashi." Daga wata ƙanwa a Ƙofar Ƙaura.

Kwantar da hankalinki ƙanwata, amma kada ki yarda da 9. Mai tantancewa yana da tulin takardu a gabansa, ba zai tsaya yana ƙanƙance ido a kan taki ba. Ki bar rubutun a 11, in ta matsa 10.5, da Calibri ko Arial.

Ki fara duba girman takardar. A Word ki shiga Layout, sannan Size, ki zaɓi A4. Kwamfutoci da yawa a kan Letter suke, mai tsawon santimita 27.9, alhali takardar da ake bugawa a nan A4 ce, mai 29.7. Wannan bambancin kaɗai ya kai layi uku. Daga nan ki taɓa Margins, ki rage gefunan daga santimita 2.54 zuwa 2, ga wasu layi biyu. Kada ki yi ƙasa da 1.5, shafin zai cushe, wani injin ma ya yanke bakin rubutun.

In har yanzu da saura, rage magana. Jiha, ƙaramar hukuma da ranar haihuwa su zauna a layi ɗaya. Firamare da "abubuwan sha'awa" su fita. Digiri da bautar ƙasa su zo sama, na baya-bayan nan a farko. Kin gama, ki adana shi PDF, ki buga ɗaya ki gani da idonki, don fayil ɗin Word yakan wargaje a kwamfutar wani.

"Ana sayar da wani tsari mai kala da hoto. In saya?" Daga wani matashi a Daura.

A'a. Wannan ɓarnar kuɗin tana ci mini rai. Ba ka fara ɗaukar albashi ba, ka biya tsari, ka biya bugu mai kala, wanda ka san ninki nawa ne na baƙi da fari. Ofis su yi hotokwafi, shuɗin gefen nan na tsarin ya koma baƙi ƙirin, lambar wayarka da aka rubuta da fari ta nutse a ciki. Gefen ya cinye kusan sulusin shafi. Manhajojin tantancewa na wasu kamfanoni kuma sukan cakuɗa rubutun da aka raba gida biyu. Mafi muni, wasu masu shago sibin wani suke buɗewa su sauya suna, sai ka je ganawa da ƙwarewar da ba taka ba. Ka yi naka a farar takarda, sunanka da girman 16, kanun sashe masu kauri. Hoto sai an nema.

"In yi masa laminatin?"

Haba malam! Takardar shaida ce? A ina za su yi rubutu a kanta? Saka shi a ambulan babba, kada ka ninke.