Ka karɓe rubuta take daga hannun ƙanenka

"Malam ina da tasha a YouTube, ni da wata nas muke yin bidiyon wayar da kai kan ciwon suga. Ƙanena ne ke rubuta take da bayanin ƙasa, kuma masu kallo sun ƙaru sosai. Yanzu an cire mana bidiyo ɗaya an ba mu gargaɗi. In buɗe sabuwar tasha ne?"

Ɗan'uwa sabuwar tasha ba za ta yi maka komai ba in dai hannun da ya jawo wannan shi zai ci gaba da rubutu. Ka nemo nas ta yi magana tsakani da Allah, sannan ka damƙa wa yaron da bai san ciwon ba ya liƙa abin da ya ga dama a kai, kai ko dubawa ba ka yi. Alhali yawancin mutane take da hoton gaba kawai suke gani su wuce, wani ma daga nan zai ajiye maganinsa.

Na taɓa zama da wani mai irin sana'arka, a bidiyonsa an yi bayanin yadda rage ƙiba da motsa jiki ke saukar da suga, magana daidai, amma taken cewa ya yi "Rabu da ciwon suga har abada cikin kwana 7". Kallo ya hau, yana ta lissafin mota, ƙarshe tashar ta tafi da duk wahalarsa. Dokar a fili take: bayan gargaɗi, laifi na gaba a hana ka ɗora bidiyo mako guda, in sun kai 3 cikin kwana 90 a rufe tashar. Tun 2023 ma suka ƙara tsaurarawa, har bidiyon da ke cewa tafarnuwa na warkar da kansa suna cirewa.

To yau ɗin nan ka canza kalmar sirri, ka bi tsofaffin bidiyon ɗaya bayan ɗaya, take da bayani da rubutun kan hoto har da akwatin Tags, don can yara ke cusa "maganin suga sadidan" suna zaton ba mai gani. Duk inda ka ga "warkewa", "har abada", "ba sai ka je asibiti ba" ko adadin kwanaki, goge. Wancan taken kamata ya yi ya zama "Yadda motsa jiki ke taimakawa wajen saukar da suga, bayanin nas". A layukan farko na bayanin ka faɗi wace ce ke magana da matakin aikinta, ka faɗi wane nau'in ciwon ake nufi tunda mai nau'i na 1 ba ya rayuwa sai da insulin, sannan ka rubuta kar kowa ya daina magani sai da sanin likitansa. Amma fa wannan gargaɗin ba ya wanke taken ƙarya.

Kallo zai ragu, wataƙila sosai, ka sa wannan a lissafinka tun yanzu. Kuma daga yau kar take ya hau sai nas ɗin ta karanta ta ce eh, haka na faɗa a ciki.