Kwastoma ya dawo da kaya, lissafi ya ƙi daidaita

Tambaya: Wani kwastoma ya sayi kayan 50,000 ya biya duka, daga baya ya dawo da na 12,000. Na rubuta masa takardar rage kuɗi, na mayar masa da 5,000 a hannu, sauran 7,000 ya ce in ajiye masa sai ya dawo sayayya. Yanzu littafin oda yana nuna yana bina 17,000. In sayi manhajar lissafi ne, ko littafin ma zai yi?

Amsa: Malama, ajiye kuɗin manhajar tukuna. Abin da ya faru shi ne kin shigar da 5,000 ɗin nan a ɓangaren da ba nata ba. Dubi tazarar: littafi ya ce 17,000, gaskiyar kuwa 7,000 ce, bambancin 10,000, wato ninkin 5,000 daidai. Duk lokacin da giɓin lissafi ya zama ninki biyu na wani adadi da kika rubuta, to galibi an cire shi ne a inda ya kamata a ƙara, ko an ƙara a inda ya kamata a cire.

Mutane suna ɗaukar takardar rage kuɗi da mayar da kuɗi abu ɗaya ne, alhali aikinsu kishiyar juna ne. Takardar tana cewa kayan da aka sayar sun ragu, don haka kuɗin da ke hannunki sun fi haƙƙinki. Ba ta fitar da ko sisi daga aljihu. Mayar da kuɗi kuwa biyan wannan bashin ne, shi ya sa yake rage abin da ake binki.

Bi odar layi-layi. Sayayya ta sa kina bin sa 50,000. Ya biya, ragowa ta koma sifili. Takardar rage kuɗi ta sa shi ne yake binki 12,000. Kin ba shi 5,000, saura 7,000. Layi na biyar shi ne wanda aka fi mantawa: ki fitar da 7,000 ɗin daga wannan odar, ki kai ta wani shafi dabam mai sunan kwastoman, shafin kuɗin ajiya. Odar ta rufe a sifili ke nan, shafin ajiya kuma yana nuna 7,000. Kuɗin suna hannunki, amma ba ciniki ba ne, bashi ne a kanki har ranar da ya ɗauki kaya da su.

Kada kuma ki goge 50,000 na farko ki mayar da shi 38,000 don shafin ya yi kyan gani. Rasitin da ke hannunsa da bayanin banki duk 50,000 suke nunawa, kuma ranar da gardama ta taso su za a duba. Gyara sabon layi yake samu, da kwanan wata da lambar odar da ya shafa.

Ranar da ya dawo ya ɗauki kayan 20,000, nan ne tarko na biyu. Sabuwar odar 20,000 ce cif. Ki rubuta biya kashi biyu: 7,000 daga ajiya, 13,000 a hannu, sannan nan take ki cire 7,000 daga shafin ajiyarsa. In kika rubuta 7,000 ɗin a matsayin rangwame, cinikinki zai nuna 13,000 kawai, ajiyar kuma tana nan daram a shafinta, wata rana yaron shago ya sake ba shi kaya da ita. Ga yadda za ki tabbatar komai ya zauna: kuɗin da suka shigo 50,000 da 13,000, a cire 5,000, ya zama 58,000. Kayan da ke wurinsa na 38,000 da na 20,000, su ma 58,000.

Wani abu da ban gani a tambayarki ba, amma ki duba: an yi masa rangwame a odar farko? In an rage kashi 10 cikin ɗari a kan duka, to kayan da farashinsu 12,000 ne 10,800 ya biya, kuma abin da za a rubuta a takardar ke nan. Haka kuma jimillar takardun rage kuɗi a kan oda ɗaya kada ta taɓa wuce kuɗin odar.

Batun manhaja: in irin wannan sau ɗaya ko biyu ne a wata, littafi ya isa. In kuna da yawa masu karɓar kuɗi, sayenta zai yi amfani, amma kafin ki biya ki shigar da wannan odar taki a gwaji. Ki ga ko tana raba mayarwa ɗaya gida biyu, hannu da ajiya, ko tana karɓar ajiya a matsayin hanyar biya, ko kuma tana barin a gyara tsohuwar oda ba tare da ta nuna wanda ya gyara ba. Wadda ta bari a yi wannan na ƙarshen, ni ba zan saye ta ba komai araharta.